Suna iri ɗaya ne a ido, amma RECHERCHEV na ba da #N/A

Hadiza, Marwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da takarda biyu a Excel na ƙungiyar manoman albasa. Ta farko jerin membobi ce, da hannu aka buga ta. Ta biyu jerin kuɗin da aka biya ce, layi 412, an sauko da ita daga shafin intanet na wurin biyan kuɗi. Na sa RECHERCHEV ya nemo kowane suna a jerin membobi, layi 63 suka fito da #N/A, alhali ga sunan nan ina kallonsa, harafi da harafi. Sannan kolon kuɗin ma idan na yi SOMME sifili yake ba ni. Excel ɗina na Faransanci ne. Me ke faruwa?

Musa Kusiri: Wa alaikumus salam Hajiya. Sarari ne ya maƙale a jikin sunayen. Ki buɗe kolon sabo ki sa wannan, ki ja shi har ƙasa:

```
=SUPPRESPACE(EPURAGE(A2))
```

A na Turanci shi ne `TRIM(CLEAN(A2))`. Wannan yana wanke komai da komai.

Hadiza, Marwa: Na gwada, Malam Musa. Ya rage, amma bai ƙare ba. Da SUPPRESPACE kaɗai 63 sun koma 41. Da na ƙara EPURAGE ba abin da ya sake raguwa, har yanzu 41 ne.

Malam Sali, Garwa: Musa, farkon maganarka daidai ne, amma "komai da komai" ɗin nan ne ba haka ba. Kowane ɗayansu abu ƙayyadadde yake cirewa.

Kowane harafi a kwamfuta yana da lambarsa, har da waɗanda ido ba ya gani. Sararin da kake samu idan ka danna dogon maɓallin nan na ƙasan kibod lambarsa 32. SUPPRESPACE wannan kaɗai ya sani. Yana cire wanda ke gaban rubutu da wanda ke bayansa, idan kuma ya tarar da biyu ko uku a jere tsakanin kalmomi sai ya bar ɗaya. EPURAGE kuwa yana share lambobi daga 0 zuwa 31, wato irin su 9 na maɓallin Tab, da 10 da 13 masu sauko da rubutu zuwa sabon layi.

To shafukan intanet suna yawan amfani da wani sarari daban mai lamba 160, wanda aka yi domin kada a raba kalma biyu a ƙarshen layi. A ido ba shi da bambanci da na 32 ko kaɗan. Amma shi ba 32 ba ne, don haka SUPPRESPACE ba ya taɓa shi, kuma ya wuce 31, don haka EPURAGE ma ba ruwansa da shi. Ina kyautata zaton shi ne ya riƙe miki sauran.

Hajiya, kada mu tsaya kan zato. Ki ɗauki suna ɗaya daga cikin 41 ɗin, ki ƙirga haruffansa da yatsa, sannan ki sa Excel ya ƙirga:

```
=NBCAR(A2)
=UNICODE(DROITE(A2;1))
```

Ki faɗa mana abin da kowanne ya bayar.

Hadiza, Marwa: Sunan shi ne Bouba Hamadou. Da yatsa 13 na samu har da sararin tsakiya. NBCAR ya ce 14. Ɗayan kuma ya ba da 160. Ikon Allah.

Malam Sali, Garwa: To ga ɓarawon nan an kama. Maganinsa a fara mayar da 160 ya zama 32, sannan a miƙa wa SUPPRESPACE abin da ya iya:

```
=SUPPRESPACE(EPURAGE(SUBSTITUE(A2;UNICAR(160);" ")))
```

Ki lura, tsakanin alamun zancen nan biyu na ƙarshe akwai sarari guda ɗaya. Kada ki bar su a manne. Idan 160 ya faɗo a tsakiyar suna kika musanya shi da babu, Bouba Hamadou zai koma BoubaHamadou, kin ga an gudu ba a tsira ba.

Alhaji Ɗanjuma: Ni ban ga abin wahalar nan ba. Ki zaɓi duk takardar, F5, Cellules, Cellules vides, sai ki goge layukan da babu komai. Duk sararin zai tafi.

Fadimatu, Ngaundere: Alhaji, Allah ya ƙara girma, wancan na layukan da ba a rubuta komai a ciki ba ne. Nata sararin yana cikin gidan da ke da rubutu, a manne da sunan. Hajiya Hadiza kada ki goge layi ko ɗaya, layukanki duk na kuɗin mutane ne.

Alhaji Ɗanjuma: Af, na fahimta yanzu. To ai Ctrl+H ma zai yi. A sa sarari a akwatin sama, a bar na ƙasa babu komai, Remplacer tout.

Fadimatu, Ngaundere: A kolon suna wannan ɓarna zai yi, Alhaji, domin zai cire har sararin da ke raba sunan mutum da na mahaifinsa. Kuma sararin da za ka danna a kibod 32 ne, 160 ɗin zai zauna daram. Ctrl+H yana da amfani idan 160 ɗin kanta ka sa a akwatin sama: ka riƙe Alt ka buga 0160 a maɓallan lamba na gefen dama, a akwatin ƙasa kuma ka sa sarari na yau da kullum. Matsalar ita ce yawancin ƙananan laftof ba su da waɗannan maɓallan na gefe, kuma lambobin jeren sama ba sa yin wannan aikin. Idan haka ne sai ka shiga cikin gidan da F2, ka zaɓi harafin ƙarshen nan da Maj da kibiyar hagu, ka kwafe shi, ka liƙa a akwatin nema.

Amma ni na fi son fomula a kolon daban, saboda asalin rubutun yana nan ana iya komawa a duba. Remplacer tout idan ya yi kuskure kika adana fayil ɗin kika rufe, shi ke nan.

Hadiza, Marwa: Malam Sali, 41 sun koma 12. Alhamdu lillahi. Sauran 12 ɗin fa? Na duba ɗaya, NBCAR bai wuce ƙirgen yatsa ba bayan wankin, har ma ya gaza da ɗaya. Sunan ya fito a haɗe: AissatouBello.

Malam Sali, Garwa: Wannan aikin EPURAGE ne, kuma laifina ne da ban faɗa tun farko ba. Shi EPURAGE ba ya musanya komai, cirewa kawai yake yi. A asalin gidan, tsakanin Aissatou da Bello ba sarari ba ne, saukar layi ce mai lamba 10, ko kuma Tab mai lamba 9. Da ya cire ta sai kalmomin biyu suka haɗu. Kina iya tabbatarwa: ki zaɓi asalin gidan ki kunna Renvoyer à la ligne automatiquement. Idan 10 ce za ki ga Bello ya sauko ƙarƙashin Aissatou. Idan maɓallin nan a kashe yake, Excel ba ya nuna saukar layin a cikin gidan, shi ya sa ba ki gan ta ba.

Don haka duk abin da ke iya zama a tsakiyar kalmomi biyu, a fara mayar da shi sarari kafin EPURAGE ya iso gare shi:

```
=SUPPRESPACE(EPURAGE(SUBSTITUE(SUBSTITUE(SUBSTITUE(A2;UNICAR(160);" ");CAR(10);" ");CAR(9);" ")))
```

Ba ki buƙatar yi wa 13 tasa musanyar a yawancin lokaci. A fayilolin da suka fito daga Windows 13 da 10 tare suke tafiya, 13 a gaba 10 a baya. Idan 10 ta zama sarari, EPURAGE ya cire 13, an samu sarari ɗaya tsaf.

Musa Kusiri: Malam, tambaya. Dole ne SUPPRESPACE ya zama a waje? Ni wani lokaci `EPURAGE(SUPPRESPACE(A2))` nake rubutawa, kuma yana yi.

Malam Sali, Garwa: Yana yi har ranar da za ka gamu da wanda ba zai yi ba. Excel daga ciki yake fara aiki ya fito waje. Ka ɗauka gidan yana ɗauke da Bouba, sai sarari, sai 13 a ƙarshe. Idan SUPPRESPACE ne a ciki, shi zai fara dubawa. Zai ga sararin nan ba a ƙarshe yake ba, akwai wani harafi a bayansa, kuma guda ɗaya ne, sai ya ƙyale shi. Sannan EPURAGE ya zo ya cire 13. Me ya rage? Bouba da sarari a bayansa, kuma babu wanda zai sake dubawa. NBCAR zai ce 6 maimakon 5, RECHERCHEV ya ci gaba da #N/A. Idan ka juya su, 13 ta fara tafiya, sararin ya zama na ƙarshe, SUPPRESPACE ya ɗauke shi. Shi ne mai shara, sai kowa ya gama zubar da nasa yake shigowa.

Musa Kusiri: Na karɓa, Malam. Zan gyara nawa.

Hadiza, Marwa: Yanzu saura 9. Kuɗin fa har yanzu sifili.

Fadimatu, Ngaundere: Kafin kuɗin, 'yar uwa, kin wanke ɗaya takardar? Jerin membobin da aka buga da hannu ma yana iya ɗaukar sarari, musamman wanda mai bugawa ya danna sau biyu tsakanin suna da suna, ko ya bari a ƙarshe. Idan kin wanke gefe ɗaya kika bar ɗayan, ba za su haɗu ba. Ki yi kolon wankakke a can ma, kuma ki tuna RECHERCHEV a kolon farko na yankin da kika ba shi yake nema, don haka wankakken kolon ne zai zama farkon yankin, abin da kike son ya dawo miki da shi yana damansa.

Hadiza, Marwa: Gaskiyarki. Biyu daga can ne. Saura 7.

Abakar, Njamena: Salamu alaikum. Bari in shiga maganar kuɗin, domin mu masu aiki da Faransanci wannan ya fi damun mu fiye da 'yan uwanmu na Najeriya. Su da waƙafi suke raba dubbai, mu da sarari muke rabawa: 125 000. Manhajar da ta fitar da jerin ba ta sa 32 a wurin ba, domin ba ta son a yanke adadin gida biyu a ƙarshen layi. Wasu suna sa 160, sababbi da yawa kuma suna sa wani siririn sarari mai lamba 8239. Da Excel ya ga baƙon harafi a tsakiyar lambobi sai ya ɗauki gidan duka a matsayin rubutu, SOMME kuwa tsallake rubutu yake yi ba tare da ya yi ƙorafi ba. Shi ya sa sifili.

Alamar farko: adadin ya jingina hagu a gidan maimakon dama. Ta biyu, `=ESTNUM(C2)` zai ce FAUX. Ki duba harafi na huɗu na 125 000:

```
=UNICODE(STXT(C2;4;1))
```

Hadiza, Marwa: 8239 ya bayar. Kuma wasu gidajen akwai FCFA a bayan adadin.

Abakar, Njamena: To a nan dokar Malam Sali ta juya. A suna, sarari ake mayarwa. A kuɗi, cirewa ake yi gaba ɗaya, saboda ba ma son komai tsakanin 125 da 000:

```
=CNUM(SUBSTITUE(SUBSTITUE(SUBSTITUE(SUBSTITUE(EPURAGE(C2);"FCFA";"");UNICAR(8239);"");UNICAR(160);"");" ";""))
```

CNUM ɗin na waje wajibi ne. SUPPRESPACE da EPURAGE da SUBSTITUE duk rubutu suke dawowa da shi, ko da abin da ke ciki lambobi ne zalla. Idan kika tsaya a kansu za ki ga 125000 tas a ido, SOMME kuma ya sake ba ki sifili. Ki kuma sani SUBSTITUE yana bambanta babban baƙi da ƙarami, idan wani layin Fcfa aka rubuta, wannan fomular ba za ta cire shi ba, za ki ga #VALEUR! a wurin.

Musa Kusiri: Ni a kwamfutar ofishinmu CNUM kai tsaye yake karɓar 125 000 ba tare da wannan dogon SUBSTITUE ɗin ba.

Abakar, Njamena: Yana yiwuwa. CNUM yana bin saitin yanki na Windows ɗin da yake kai. Idan harafin da ke raba dubbai a saitinka ya yi daidai da wanda ke cikin fayil ɗin, zai karɓa. Ka aika fayil ɗin wa wanda kwamfutarsa ke kan saitin Turanci ka ga abin da zai faru. Shi ya sa nake cirewa da kaina, kada in dogara da saitin kowa.

Fadimatu, Ngaundere: Akwai kuma VALEURNOMBRE, wanda kai ne kake faɗa masa alamar da ke raba ɓangaren adadi. Yana da amfani idan akwai nauyi irin 12,5 na kilo, domin a kwamfutar da ke kan saitin Turanci CNUM ba zai fahimci waƙafin nan yadda muke nufi ba. Yana kuma tsallake sarari na yau da kullum da kansa. Amma 160 da 8239 ni dai ina cire su tukuna.

Hadiza, Marwa: Kuɗin ya fito, kuma jimlar ta yi daidai da ta takardar ma'aji. Allah ya saka da alheri. Lambobin wayar membobi ma haka suke, a rarrabe da sarari. In sa musu CNUM?

Malam Sali, Garwa: A'a. Ki cire sararin kawai ki bar su rubutu. Lambar waya ba abin tarawa ba ce. Namu na Kamaru lamba 9 ne masu farawa da 6, ba za su lalace ba, amma wanda aka rubuta da 00237 a gaba CNUM zai cinye sifilan biyu, wanda ke da alamar + ma za ta tafi. Haka lambar katin memba irin 0045 za ta koma 45. Abin kula ɗaya ne: idan za ki yi nema da lambar, gefen biyu su zama iri ɗaya, ko duka rubutu ko duka adadi. 45 na adadi da 45 na rubutu RECHERCHEV ba ya ɗaukar su abu ɗaya.

Mu koma kan 7 ɗin nan. Tunda ba mu san inda harafin ya ɓuya ba, a zazzage sunan harafi ɗaya ɗaya. Ki kwafi ɗaya daga cikinsu zuwa A2 na sabuwar takarda, ki sa wannan a wani kolon, ki ja ƙasa kamar layi 25:

```
=UNICODE(STXT($A$2;LIGNE(A1);1))
```

Kowane layi zai ba ki lambar harafi ɗaya, har ya ƙare ya fara ba da #VALEUR!. Manyan baƙaƙe daga 65 zuwa 90 suke, ƙanana daga 97 zuwa 122, sarari 32. Irin é na Faransanci 233 ne, wannan halal ne. Duk wata lamba da ba ki gane ba ki kawo ta nan.

Musa Kusiri: Me ya sa ba CODE ba? Shi na saba da shi.

Malam Sali, Garwa: CODE bai wuce 255 ba. Idan ya gamu da harafin da ba ya cikin jerinsa sai ya ce 63, wadda lambar alamar tambaya ce. Mutum ya ga 63 ya je yana musanya CAR(63), ba abin da zai canza, domin babu alamar tambaya a gidan. UNICODE da UNICAR tun Excel 2013 suke. Mai 2007 ko 2010 ba shi da su, sai ya yi amfani da CAR(160) wa na 160, na sama da 255 kuma ya bi hanyar Fadimatu, ya kwafi harafin kansa ya liƙa shi tsakanin alamun zance a cikin SUBSTITUE.

Hadiza, Marwa: Biyu daga ciki suna da 8203 a farkon sunan. Sauran biyar babu wata baƙuwar lamba.

Abakar, Njamena: 8203 sarari ne marar faɗi, ko gurbi ba ya ci a allo, yakan biyo rubutun da aka kwafo daga shafi ko daga saƙon waya. Tunda a farkon suna yake, ki musanya shi da babu: ki naɗe A2 da `SUBSTITUE(A2;UNICAR(8203);"")` a can cikin fomular. Biyar ɗin kuwa ki sa su kusa da na jerin membobi ki karanta a hankali.

Hadiza, Marwa: Kai. Oumarou a nan, Umaru a can. Mahamat da Mahamad. Ɗaya kuma an juya, sunan uba ne a gaba. Sauran biyun harafi ɗaya ne ya faɗi.

Fadimatu, Ngaundere: Waɗannan ba aikin fomula ba ne, da hannu za ki gyara, kuma ki tambayi ma'aji kafin ki haɗa Oumarou da Umaru, kada ya zama mutum biyu ne. Idan kin gama, ki kwafi wankakken kolon, Collage spécial, Valeurs, a sabon kolon. In ba haka ba ranar da aka cire asalin kolon A gaba ɗaya duk fomulolin za su koma #REF!.

Ga mai son sanin layi nawa wankin ya taɓa, kada ya kwatanta NBCAR na da da na yanzu, domin inda 160 ta koma 32 a tsakiyar suna tsawon bai canza ba. Wannan ya fi, idan D ne wankakken:

```
=SOMMEPROD(1-EXACT(A2:A413;D2:D413))
```

Alhaji Ɗanjuma: Yarana, wannan jerin duk wata za a riƙa saukowa da shi. Kowane wata sai an sake wannan dogon aikin? Na ji ana cewa Power Query yana yi da dannawa ɗaya.

Abakar, Njamena: Yana yi Baba, kuma yana tuna matakan, wata mai zuwa Actualiser kawai za a danna. Sai dai mai cire sararinsa ba irin SUPPRESPACE ba ne: gaba da baya kaɗai yake gyarawa, sarari biyu a tsakiyar suna yana barin su yadda suke. Mai share ɓoyayyun haruffansa kuma yana haɗe kalmomi kamar yadda EPURAGE ya yi wa Aissatou. Duk musanyar da muka yi a nan sai an sake gina ta a can mataki mataki.

Malam Sali, Garwa: Ga layi 412 ni ba zan kai ta can ba. Takarda ɗaya mai fomulolin a shirye, a liƙa sabon jeri a kolon A zuwa C, ya isa. Abin da zan fi so shi ne a daina nema da suna, a koma lambar memba.

Abakar, Njamena: Lambar memba ba ta cikin jerin da ake saukowa da shi, Malam, suna da waya da adadi kawai Hajiya ta ambata. Da waya za a iya, amma a ƙauye mutum uku suna biya da wayar mutum ɗaya.

Hadiza, Marwa: Haka ne, akwai lamba ɗaya da ta fito sau huɗu da sunaye daban-daban. Zan tambaya ko wurin biyan yana barin a rubuta lambar kati a gurbin bayani. Kafin nan, Malam Sali, ƙ da ɗ na sunaye irin Ɗahiru, EPURAGE ba zai cinye su ba ko? Akwai su a jerin membobi, a ɗaya jerin kuma Dahirou aka rubuta.

Malam Sali, Garwa: Ba zai taɓa su ba, lambobinsu sun yi nisa da 31: ƙ 409 ce, ɗ kuma 599. Amma Ɗahiru da Dahirou ba za su haɗu ba ko an wanke su sau goma. Ki ƙara kolon a jerin membobi mai ɗauke da sunan yadda wurin biyan yake rubuta shi, ki riƙa nema da wannan, na Hausar kuma ya zauna domin rasit.